Ba a fassara kan labari, sai dai a sake rubuta shi

Na yi shekaru ina aikin fassara a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a nan Sakkwato, kuma a duk tsawon lokacin babu abin da ya fi cin mini rai a aikin kamar layin nan guda ɗaya da ke saman takarda. Labaran sukan iso mana da Turanci, wasu daga Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wasu daga wakilanmu, wasu kuma daga jaridun da aka sayo da safe, sai a raba mana takardun bayan sallar Azahar a ce kowa ya mayar da nasa Hausa kafin lokacin labaran yamma. Gangar jikin labari, ko da ta kai sakin layi shida, ba ta cika ba ni wahala ba, domin jimlolinta cikakku ne, an faɗi wanda ya yi, an faɗi abin da ya yi, an faɗi ranar da wurin. Kan labarin kuwa, wanda bai fi kalmomi shida ko bakwai ba, shi ne yakan tsayar da ni har mai karanta labarai ya leƙo yana nuna mini agogo. Ra'ayin da na tsaya a kai bayan waɗannan shekaru shi ne, kan labarin Turanci ba abin fassarawa ba ne, kuma duk gidan jarida ko rediyon da ya saba wa ma'aikatansa ɗaukar kanun Turanci su juya su Hausa ba tare da sun karanta labarin har ƙarshe ba, to yana sa su faɗin abin da ba su sani ba da sunan gaskiya.

Dalilin yana cikin yadda aka gina harsunan biyu. Turancin kanun labarai ba Turancin da ake magana da shi ba ne, wani salo ne da aka ƙirƙira a ɗakunan buga jarida tun zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu, inda faɗin shafi ke iyakance yawan haruffan da za su shiga layi. Saboda ƙarancin wuri sai editoci suka riƙa zubar da duk kalmar da mai karatu zai iya cikewa da kansa. Suka zubar da ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban suna, suka zubar da kalmomin da ke taimaka wa aikatau nuna lokaci, suka sa waƙafi a madadin mahaɗi, suka kuma zaɓi gajerun aikatau masu harafi uku ko huɗu a madadin dogaye masu ma'ana tsayayya. Baturen da ya taso da karanta jarida ya san wannan yarjejeniya, yana mayar da abin da aka zubar a zuciyarsa ba tare da ya lura ba. Matsalar ita ce, abubuwan da Turanci ya ga zai iya zubarwa su ne daidai waɗanda jimlar Hausa ba ta tsayuwa sai da su.

A Hausa, aikatau ba ya zuwa shi kaɗai. Dole ne a sa masa wata 'yar kalma a gabansa, irin su "ya", "ta", "sun", "yana", "za ta", "an", "ana", kuma wannan 'yar kalma tana ɗauke da labari uku a lokaci ɗaya: jinsin wanda ya yi aikin, adadinsa, da kuma ko aikin ya auku, yana aukuwa ko zai auku. Idan jaridar Turanci ta rubuta *Minister resigns*, kalmomi biyu sun wadatar da ita, ba ta faɗi ko ministan namiji ne ko mace ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ni kuwa ba ni da hanyar rubuta wannan da Hausa sai na zaɓi tsakanin "minista ya yi murabus" da "minista ta yi murabus". Haka idan aka rubuta *Police arrest teacher*, ko dai malami suka kama ko malama, babu kalma ta uku da zan ɓuya a bayanta. Na sha jin wani yaro da muka yi aiki tare yana ɗago kai daga takarda yana tambayar editanmu da Sakkwatancinsa, "Malam, wanga da anka kama, namiji na ko mace ta?" Editan kuma amsarsa ɗaya ce kullum, ya ce masa ya sauka ƙasa ya karanta. Wanda bai sauka ba zai ɗauki "ya", domin shi ne ya fi saurin zuwa baki, kuma sau da yawa zai dace, amma ranar da bai dace ba ya mayar da mace namiji a kunnen dubban mutane, ciki har da danginta.

Batun lokaci ya fi wannan zurfi. A kanun Turanci, aikatau da ke da siffar lokaci mai ci yana nufin abin da ya riga ya auku, saboda haka *Governor signs budget* ma'anarsa gwamna ya sa hannu, ba yana sa hannu ba. Idan aka sa *to* gaban aikatau, kamar *Governor to sign budget*, to abin bai auku ba tukuna, zai sa hannu ne. Bambancin da ke tsakanin kanun biyu haruffa biyu ne ƙanana, kuma idon da ke sauri yakan tsallake su, sai a wayi gari an sanar da jama'a cewa an yi abin da ba a yi ba. Akwai kuma siffa ta uku wadda ta fi yaudara, wato inda aka zubar da mataimakin aikatau aka bar shi da siffar da ta yi kama da shuɗaɗɗen lokaci. *Commissioner questioned* ba ya nufin kwamishina ya yi tambaya, yana nufin shi aka yi wa tambayoyi. Mai koyon aiki da ya iya Turancin makaranta da kyau yakan faɗa wannan rami, domin nahawun da aka koya masa a aji ya ce suna ne sannan aikatau, don haka mai sunan shi ya yi aikin, alhali a nan shi aka yi wa.

Bari in ɗauki kan labari guda in bi shi kalma bayan kalma, domin a nan ne ake ganin yawan hukuncin da mai fassara ke yankewa ba tare da ya san yana yankewa ba. Ni na tsara shi bisa ƙirar waɗanda muke gani kullum a jaridun ƙasar nan, bai shafi wani mutum ko wata shari'a ba:

*Ex-council boss, aide remanded over N50m fraud*

Kalmomi bakwai ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da za a iya mayarwa Hausa da tabbaci daga wannan layi kaɗai. Kalmar farko tana iya nufin ƙaramar hukuma, tana iya nufin majalisar masarauta, tana kuma iya nufin majalisar gudanarwa ta wata jami'a ko wata ƙungiya, kuma Hausa tana da suna dabam ga kowace. A ce ma ƙaramar hukuma ce, to wannan *boss* ɗin wane ne, zaɓaɓɓen ciyaman ne ko kantoman riƙo da gwamna ya naɗa? Mutumin Sakkwato ya san ba ɗaya ba ne. Sannan "tsohon" zan rubuta ko "tsohuwar"? Waƙafin da ya biyo baya yana tsaye a madadin "da", wato mutum biyu ne, amma wanda bai san al'adar ba yana iya ɗauka bayani ne ake ƙara yi kan mutum na farko. Kalmar *aide* kuma idan aka yi gaggawar cewa "mataimakinsa", Bahaushe zai fahimci mataimakin shugaban ƙaramar hukuma, wanda mutum ne sananne mai muƙami da suna da iyali, alhali wanda ake nufi wataƙila hadimi ne ko mai ba da shawara. Da kalma ɗaya an jefa mutumin da ba ya cikin maganar a cikin shari'a.

Sai kalmar da ta fi kowace nauyi, wato *remanded*. Ma'anarta a kotu ita ce alƙali ya ba da umarnin a ci gaba da tsare wanda ake tuhuma, a gidan gyaran hali ko a hannun hukumar da ta gurfanar da shi, har zuwa ranar da za a sake zama ko a duba batun belinsa. Ba a same shi da laifi ba, wani lokaci ma ba a fara sauraren shaidu ba. Hausa tana da kalmomi da suka raba waɗannan matakai sarai: an kama, an gurfanar, an tsare, an ba da beli, an samu da laifi, an yanke hukunci, an ɗaure. Wanda ya ce "an ɗaure" a inda ya kamata ya ce "an tsare" ya tsallake shari'ar gaba ɗaya. Kalmar *over* da ke biye ita ce ke ɗauke da zargi a ɓoye. Editan Turanci ya dogara da cewa mai karatunsa ya san wanda aka tsare ba a tabbatar da laifinsa ba, don haka bai ga buƙatar rubuta kalmar zargi ba. Amma idan na ce "saboda damfarar naira miliyan 50", na tabbatar da cewa an yi damfarar kuma shi ya yi, domin "saboda" a Hausa dalili take kawowa, ba tuhuma ba. Dole in mayar da kalmar da aka zubar in ce "bisa zargin". Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma a kan labarin Hausa wannan haƙƙi gaba ɗaya yana rataye ne a kan kalmar "zargi". Ita ma *fraud* sai an duba takardar tuhuma kafin a san ko damfara ce aka yi wa wani mutum, ko almundahana ce a ofis, ko karkatar da kuɗin wani aiki, domin kunnen Bahaushe yana jin bambancin ɗan damfara da ma'aikacin da ya yi sama da faɗi da dukiyar jama'a. Ko adadin kuɗin ma yana da tarkonsa, domin harafin *m* na miliyan da *bn* na biliyan suna kusa a ido, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau dubu.

Bayan an karanta labarin har ƙasa an samo amsoshin nan, abin da zai fito shi ne kamar haka: "Kotu ta ba da umarnin tsare tsohon shugaban ƙaramar hukuma da hadiminsa bisa zargin karkatar da naira miliyan 50". Kalmomi bakwai sun zama 19. Idan wuri ya yi ƙaranci ana iya matse shi ya koma "Kotu ta tsare tsohon ciyaman da hadiminsa kan zargin karkatar da naira miliyan 50", wato kalmomi 14, kuma ƙasa da haka ba na jin za a iya sauka ba tare da an yanke wani abu mai rai ba. Abin lura shi ne, kusan rabin abin da ke cikin jimlar Hausar babu shi a kan labarin Turancin. Kotu ba ta ciki, jinsin mutumin ba ya ciki, zargi ba ya ciki, nau'in laifin ba ya ciki. Duk daga gangar jikin labarin aka ɗebo su, kuma wanda bai karanta ta ba daga kansa zai ɗebo.

Ban koyi wannan a aji ba. A shekarata ta farko a aiki an miƙo mini wani labarin kotu mai irin wannan ƙira saura 'yan mintuna a shiga ɗakin watsa shiri, na dubi kansa na rubuta cewa an ɗaure wani ma'aikaci saboda cin kuɗin ofis, aka karanta haka a kanun labarai. Kashegari da hantsi wani dattijo ya zo gidan rediyon, sanye da farar riga da ta sha wanki, ya ƙi zama a kujerar da aka ba shi, ya ce yana neman wanda ya rubuta labarin jiya. Da aka nuna ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ku na kunka ce an ɗaure ƙanena? Alƙali bai yanke hukunci ba, ku kun yanke. Ɗiyatai ta ƙi zuwa makaranta yau." Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, kuskurena ne, za mu gyara." Mun gyara a labaran yamma, amma na san waɗanda suka ji na farko ba duka suka ji na biyu ba, kuma har yau idan na ga kalmar nan a takarda fuskar dattijon nake tunawa da yadda ya riƙe sandarsa da hannu biyu yana magana.

Akwai wani rukunin kalmomi da Turanci ke amfani da su don ya kauce wa faɗin abin da bai tabbatar ba, Hausa kuma ba ta da irin wannan mafaka, kuma a yankinmu da matsalar 'yan bindiga ta addaba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka rubuta *Abducted villagers freed*, an faɗi cewa mutanen sun fita daga hannun waɗanda suka sace su, ba a faɗi yadda suka fita ba. A Hausa sai na zaɓa: "an sako su" yana nuna masu garkuwar ne suka sake su da kansu, kuma duk mai sauraro zai kawo batun kuɗin fansa a ransa, "an kuɓutar da su" ko "an ceto su" yana ba jami'an tsaro yabo, "sun kuɓuta" ko "sun tsere" kuma yana nuna su suka ƙwaci kansu. Labari uku ne mabambanta, kuma kowanne yana da wanda zai ji daɗinsa da wanda zai ji zafinsa. Iyalin da suka sayar da gona da shanu suka haɗa kuɗin fansa, idan suka ji rediyo ta ce an ceto 'yan uwansu, sun san ba haka aka yi ba, kuma daga ranar sun rage yarda da abin da rediyon ke faɗa. Wasu abokan aikinmu sun samo mafita da cewa "sun shaƙi iskar 'yanci", kuma na fahimci abin da ya kai su ga haka, amma ni ina ganin wannan rufe ido ne, domin mai sauraro yana son sanin yadda aka yi, kuma idan wakilinmu bai gano ba, gara a ce "sun dawo gida" a bar sauran ga cikin labarin. Haka kalmar *neutralise* da sanarwar sojoji ke yawan amfani da ita take, sai an bincika kafin a san ko kashewa ake nufi ko wani abu ƙasa da haka. Haka kuma *feared dead*, wadda ke nufin ana fargabar mutanen sun mutu amma ba a ga gawa ba. A labarin kifewar kwalekwale, wanda ya zubar da "ana fargabar" don ya gajarta layi ya yi wa iyalai ta'aziyyar mutanen da wataƙila suna can gaɓar gulbi da ransu.

Sunan garinmu kansa yana cikin kalmomi masu harshen damo. A kanun jaridun da ake bugawa a Legas ko Abuja, *Sokoto* tana iya zama birnin, tana iya zama jihar da ƙananan hukumominta 23, tana iya zama gwamnatin jihar, wani lokaci ma fadar Sarkin Musulmi ake nufi. Ga mai karatu a Ibadan duk ɗaya ne, wuri ne mai nisa a arewa maso yamma. Amma idan aka ce a rediyo "an kai hari a Sakkwato", mutumin da ke Kano ko Kwanni yana da ɗa a Mabera ko Runjin Sambo zai ɗauki waya hankali a tashe, alhali abin ya auku ne a wani ƙauye na Isa ko Sabon Birni, tafiyar sa'o'i daga birnin. Mu da muke rubuta wa mutanen da suka san ƙasar, wajibi ne mu ambaci ƙaramar hukumar, ko aƙalla mu ce "a jihar Sakkwato", ko da layin zai ƙara tsawo. Sarautu ma haka suke. Jaridun kudu suna kiran duk mai rawani *monarch*, daga sarki mai sanda har mai unguwa. Ko tsakanin Hausawa ma kalmomin ba su daidaita ba, domin wanda Bakano ke kira hakimi mu uban ƙasa muke ce masa, hakimi kuma a wurinmu shi ne mai riƙe da gari a ƙarƙashin uban ƙasa, wanda a Kano ake kira dagaci. Ƙari a kan haka, da yawa daga iyayen ƙasarmu suna riƙe da sarautu masu farawa da "Sarkin", don haka wanda ya rubuta "an sace sarki a Sakkwato" don ya ga waccan kalma ta Turanci ya tayar da ƙura da ta fi labarin girma nesa ba kusa ba.

Wata hanyar da zargi ke ɓacewa ita ce alamomin rubutu. Editan Turanci yakan sa kalma cikin alamar zancen wani don ya nuna ba shi ya faɗa ba, wani ne ya yi iƙirari, ko ya sa karan ɗori a ƙarshen layi ya rubuta sunan mai maganar. Ido yana ganin waɗannan alamomi, kunne ba ya jin su, kuma yawancin Hausawa ta kunne labari ke isa gare su, ko ta rediyo ko ta bakin wanda ya karanta a waya ya faɗa a majalisa. Saboda haka abin da alama ta ɗauka a Turanci dole kalma ta ɗauke shi a Hausa, a ce "in ji wane" ko "wane ya ce", kuma a rediyo gara a fara da mai maganar kafin maganar, don kada mai sauraro ya ɗauki iƙirarin ɗan siyasa a matsayin sanarwar gidan.

Na san abin da editoci za su ce, domin na zauna a kujerarsu daga baya. Za su ce babu lokaci, labarai ashirin ne a gaban mutum biyu, kuma a shafukan intanet wanda ya riga wallafawa shi ke kwashe masu karatu. Za su kuma ce kan labari mai kalmomi 19 ba ya shiga fuskar waya, yana yankewa a tsakiya. Duka biyun gaskiya ne, ban raina su ba. Amma karanta labari mai sakin layi biyar ba ya wuce minti biyu, kuma tun da dole ne a fassara gangar jikin, abin da nake nema kawai sauya tsarin aiki ne: a fara da labarin, a rufe kan Turancin da hannu ko da takarda, idan an gama sai a tambayi kai, da wani ya tare ni a bakin ƙofa ya ce me ya faru, wace jimla ɗaya zan faɗa masa? Wannan jimla ita ce kan labarin. Daga nan ne za a buɗe na Turancin a gwada, kuma idan suka saɓa, to akwai abin da ɗayansu ya ƙara ko ya rage, sai a koma cikin labarin a ga wanda ya yi daidai. Na sha gano ta wannan hanya cewa kan Turancin ne ma ya zarce abin da wakilin ya rubuta.

Game da tsawo kuma, Hausa tana da nata dabarun gajartawa waɗanda ba aro ba ne. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kuma buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, ake rubuta kanun labarai da wannan harshe, kuma abin da aka gada shi ne cikakkiyar jimla gajera. Muna da "an" da "ana" da "za a", waɗanda ke ba mu damar faɗin abin da ya auku ba tare da ambaton wanda ya yi ba idan ba a san shi ba, kuma a nan mun fi Turanci sauƙi, domin tamu tana nuna lokaci a fili. Muna iya gabatar da maudu'i da kalma ɗaya sannan jimla ta biyo, kamar a ce "Ambaliya: an fara raba tallafi a Goronyo". Muna da aikatau masu kaifi da ke ɗauke da ma'ana mai yawa a gaɓa biyu ko uku, irin su tsige, dakatar, gurfanar, musanta, janye. Abin da ba mu da shi shi ne jera sunaye huɗu ko biyar a bayan juna babu mahaɗi kamar yadda Turanci ke yi, inda sai an fara daga na ƙarshe a dawo baya kafin a gane wanne ya mallaki wanne. Wanda ya tilasta wa Hausa wannan ƙira zai samar da layin da kowace kalma a cikinsa Hausa ce amma Bahaushe ba zai gane shi ba sai ya mayar da shi Turanci a zuciyarsa, wanda bai iya Turanci ba kuma an bar shi a baya, alhali dominsa aka yi fassarar.

Shi ya sa nake ganin bai dace a riƙa ba sabon ma'aikaci rubutun kanu a matsayin aikin koyo don ana ganin gajere ne ba. A ɗakunan labaran Turanci wannan aiki na editoci ne da suka daɗe a sana'ar, a namu kuwa sau da yawa ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ko ɗan hidimar ƙasa ake miƙa wa, shi ne zai yanke ko "tsare" ko "ɗaure", ko "sako" ko "ceto", cikin minti uku ba tare da wani ya duba ba. Muna da masana Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya suna zaune a unguwanninmu da ilimin da ba a rubuta ba. Da kowane ɗakin labarai zai zauna da irin waɗannan mutane ya fitar da takarda ko da shafi biyu ce, mai ɗauke da matakan shari'a da kalmar Hausar kowanne, da sarautun jihar nan bisa darajarsu, da kalmomin tsaro da ba a yarda a fassara su ba sai an tambayi wakili, a manna ta a bango kusa da teburin fassara, da yaron da aka miƙa wa takarda saura minti biyar ya sami abin da zai ɗaga kai ya duba.